Goge bayan hoto ko rufe shi: abin da na gani a Photopea

Ina da ɗan shagon buga katin biki da fasta a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma da Photopea nake cire bayan hotuna. A burauza yake aiki, kyauta ne, kuma da zarar ya buɗe ba ya cin data sosai, domin a kan kwamfutarka yake sarrafa hoton. Abin da ya fi yi mini amfani a cikinsa shi ne Raster Mask.

Idan ka ɗauki Eraser ka goge bangon da ke bayan mutum, ka cire wannan ɓangaren daga hoton ke nan. Ctrl+Z zai cece ka muddin aikin yana buɗe, amma da ka adana ka rufe, shi ke nan. Shi kuwa Mask ba ya taɓa hoton ko kaɗan. Kamar labule yake: abin da ke bayansa yana nan, rufe shi kawai aka yi. Inda ka shafa baƙi sai ya ɓuya, inda ka shafa fari ya bayyana, ruwan toka kuma ya nuna shi sama-sama.

Ga yadda na yi da hoton wata amarya mai mayafi shara-shara. Na shiga Layer, sannan Raster Mask, na zaɓi Add (Reveal All), na bi bangon da baƙin buroshi, na adana aikin a PSD, wato nau'in fayil ɗin da ke riƙe aiki yadda za a iya sake gyara shi. Bayan an kai samfurin gida, sai yayarta ta dawo ta ce, "Malam, gefen mayafin nan ya yanke a kafaɗa." Na buɗe fayil ɗin, na danna X don fari ya maye gurbin baƙi, na shafa wurin, mayafin ya dawo yadda yake. Bakinsa kuma na bi shi da ruwan toka, domin sabon bangon ya riƙa ɗan haskowa ta ciki kamar yadda yadi mara kauri yake yi. Da a ce da Eraser aka goge, sai dai a nemo hoton asali a faro daga farko.

Wurin da ya kamata a kula shi ne ƙaramin akwatin Mask ɗin da ke gefen hoton a jerin Layers. Shi za ka danna kafin ka fara shafa. In ka ga baƙin fenti yana hawa kan rigar mutum maimakon wurin ya ɓace, to a kan hoton kansa kake, ka tsaya ka koma baya.

Kuma PSD ne ke riƙe Mask ɗin. PNG da JPG na kai wa bugu ne kawai, abin da ka ɓoye ba ya bin su ta yadda za ka sake gyarawa, shi ya sa nake ajiye PSD na kowane aiki har a gama biki.