Kafin ka biya mai bidiyon biki, rubuta abin da dole ya ɗauka

Masu ɗaukar bidiyon biki a Kano, Kaduna ko Zariya yawanci za su shimfiɗa maka zaɓi uku: mutum ɗaya da kyamararsa, mutum biyu, ko cikakkiyar tawaga da fitilu da jirgin nan maras matuƙi mai ɗauka daga sama. Mutane kan duba aljihu su zaɓa, sai bayan biki a kawo taƙaitaccen fim mai kyau, amma babu lokacin da waliyyi ya ce ya bayar, babu fuskar kakar amarya. Shawarata ita ce a fara da takarda. Ka rubuta yadda fim ɗin zai tafi da abubuwan da ba za ka yafe rashinsu ba, takardar ce za ta faɗa maka wanda za ka ɗauko.

Fara da lissafi. Taƙaitaccen fim na minti huɗu daƙiƙa 240 ne. Idan kowane hoto ya tsaya kamar daƙiƙa huɗu kafin a yanka, hotuna sittin ke nan, kuma a cikinsu ake son cusa kamu, sa lalle, ɗaurin aure, yini, walima ko dina, da kai amarya. Kowane taro bai wuce hoto goma ba. Da zarar uwar amarya ta ga wannan lissafin za ta gane cewa ba kowace ƙawarta ce za ta fito ba, gara kuma ta sani tun yanzu ta zaɓi waɗanda dole a gani.

Mu ɗauki misali. Za a ɗaura aure ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe a masallacin unguwa, amarya kuwa tana gidan gwaggonta a wata unguwar, da daddare a kai ta. A takarda sai a rubuta cewa fim zai buɗe da hannun amarya ana zana mata lalle, muryar liman tana tashi a ƙarƙashin hoton. Daga nan a shiga masallaci: wakilin ango yana nema, waliyyi yana bayarwa, an ambaci sadaki an miƙa, hannuwa sun ɗaga ana shafa fatiha, sanƙira ya shelanta, an raba goro da alawa, abokai sun rufe ango da musabaha. Sai a koma gidan mata daidai lokacin da waya ta shigo cewa an ɗaura, guɗa ta tashi, amarya ta sunkuyar da kai. Tsakiyar fim na kamu ne da yini da liƙi. Ƙarshensa nasihar mahaifi, fitowa daga gida, da shiga ɗaki.

Yanzu ka ja layi a ƙarƙashin abin da ba ya maimaituwa. Ana iya cewa ango ya sake gyara hula, ko amarya ta sake juyowa. Amma siga 'yan mintuna ce, kuma ba wanda zai ce wa liman ya sake. Guɗar farko ma sau ɗaya take tashi. Ga shi su biyun suna faruwa kusan lokaci guda a unguwanni biyu.

Nan ne mai kyamara ɗaya yake gazawa, komai ƙwarewarsa. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma ya wadatar idan walima ce kawai ko dina a zaure ɗaya, inda komai yake gabansa. A irin bikin da muka zana kuwa dole ya zaɓi masallaci ya rasa gida. Ko a cikin masallacin ma, idan ya matsa kusa don fuskar waliyyi, ya rasa faɗin taron. Wanda aljihunsa bai wuce nan ba, ya nemi wata 'yar uwa mai waya mai kyau, a rubuta mata abu uku kacal da za ta ɗauka a gida, a kuma gaya mata ta riƙe wayar a kwance idan fim ɗin a kwance za a haɗa shi.

Zaɓi na biyu shi na fi ba mutane shawara a kai, amma da sharaɗi: ɗaya daga cikin biyun ta zama mace. A gidaje da yawa namiji ba ya shiga inda ake wa amarya lalle ko kwalliya, kuma ko an bar shi ya shiga, mata za su ja mayafi su kame, abin da ake so a ɗauka ya gudu. Mace mai kyamara takan zauna a ɗakin har a manta da ita. Saboda haka idan an ce maka mutum biyu za su zo, ka tambaya su waye. Wani lokaci na biyun yaro ne mai riƙe fitila da jaka, wanda ba ɗauka yake ba.

Tawaga cikakkiya tana da amfani idan taron babba ne, kamar ɗaurin auren da ya cika layi ko wanda za a yi hawan angwanci da dawakai. Jirgin sama zai ba ka hoto biyu ko uku a cikin sittin ɗin nan, ba ya shiga masallaci, ba ya shiga ɗaki, kuma tashinsa a Najeriya yana buƙatar izinin hukuma. In babu inda ka rubuta shi a takardarka, kuɗinsa ya fi amfani a wurin sauti da haske.

Sautin nan shi aka fi mantawa, alhali fim ɗin da muka tsara a kan muryoyi ya tsaya. Makirufon da ke jikin kyamara hayaniyar taro da ƙarar janareta zai kwaso. Ka tambaya ko suna da ƙaramin makirufo da za a ajiye gaban liman ko a maƙala wa mahaifin amarya, sannan a nemi yardar liman tun kafin ranar. Kai amarya kuma bayan isha'i ake yi, sau da yawa a lungun da babu wuta. In ba a rubuta fitila da cikakken batir a gefen wannan layin ba, inuwa kawai za a kawo maka. Fim ɗin da aka ɗora a kan waƙa zalla ya fi sauƙin haɗawa, sai dai Instagram da YouTube suna iya kashe sautin idan waƙar mai haƙƙin mallaka ce.

Ranar ciniki ka miƙa takardar ga duk wanda kake tunanin ɗauka, ka saurari abin da zai ce. Wanda ya san aiki zai fara tambaya: wa zai nuna mana kakar amarya, tunda ba mu san ta ba? Minti nawa ne daga masallaci zuwa gida? Akwai matan da ba sa son a ɗauke su? A tsaye za a haɗa don waya, ko a kwance don talabijin? Ya kuma nuna maka fim ɗin biki ɗaya da ya yi daga farko har ƙarshe, har da ɓangaren dare. Idan kun daidaita, a rubuta sunan mai ɗaukar kowane layi da lokacinsa, a ware mutum ɗaya daga kowane dangi da zai riƙa nuna fuskoki, sannan a tura wa kowa kwafi ta WhatsApp kwana biyu ko uku kafin a fara biki.