Hanya Mai Tsawo da Hanya Mai Rara a Jadawalin Aiki

A zanen jadawalin aiki, hanyoyi biyu na iya tashi daga wuri ɗaya su haɗu a ƙarshe. A ce ta farko, haƙa harsashi da ɗora bango, tana cin kwana 12, ta biyu kuwa, kawo tagogi, tana cin kwana 8.

Ta farkon ita ce hanya mai muhimmanci, domin ita ce mafi tsawo, kuma jinkirin kwana ɗaya a kanta zai ɗage ranar kammalawa. Ta biyun tana da rarar kwana 4, wato tagogin na iya makara har haka ba tare da ɓata komai ba. Sai dai, abin da ake yawan mantawa, idan suka makara da kwana 5, hanyarsu ta zama kwana 13, ita ke yanke ranar kammalawa.