Hoto na tsalle a Word: In Line with Text ko Square?

Ka ƙara layi biyu a saman takarda, sai hoto ya gudu wani shafin, ko ya hau kan rubutu. Sau da yawa laifin saitin Wrap Text ne, inda ake zaɓar yadda hoto zai zauna da rubutu.

In Line with Text yana ɗaukar hoto tamkar babban harafi a cikin layi. Duk inda rubutu ya nufa, tare suke tafiya, babu hawa kan juna. Illarsa, ba ya jawuwa inda ka ga dama, kuma idan tazarar layi tana kan Exactly, ɗan siririn gindin hoton kawai za ka gani.

Square kuwa rubutu ne ke kewaye hoton, ya fi kyan gani. Amma hoton a ɗaure yake da wani sakin layi. Danna hoton, za ka ga 'yar alamar anka a gefe. Sakin layin ya koma shafi na gaba, hoton ya bi shi. Ka goge sakin layin har da ankar, hoton ya ɓace.

Ni dai a dogon rahoto In Line with Text nake zaɓa, in ba hoton layinsa shi kaɗai. Square sai takarda mai shafi ɗaya.