Wane ma'auni za ka zaɓa don bibiyar aikin gini?

Idan an ɗora maka kula da ginin ajujuwa biyu, tambaya biyu masu ba da kuɗi za su riƙa yi maka: kashi nawa aka gama, kuma kwana nawa aka yi jinkiri? Da waɗannan biyun za ka auna duk manhajar da aka tallata maka.

Littafin rubutu ba ya buƙatar caji, amma kullum sai ka sake lissafi da hannu. Trello na da daɗin kallo a waya, sai dai jerin ayyukansa yana ɗaukar kowane mataki daidai da ɗan'uwansa, fenti da rufi duk ɗaya. Microsoft Project ya iya aikin sosai, har yana adana jadawalin farko, amma na kuɗi ne kuma koyonsa na cin lokaci. Ga aikin da matakansa ba su wuce ashirin ba, ni dai ina ganin ya yi yawa.

Saura Excel da Google Sheets, kuma nan shawarata take. In mutum ɗaya ne ke riƙe da lissafi kuma intanet na wahala a wurin, a ɗauki Excel, ko LibreOffice Calc da yake kyauta. In injiniya yana wurin aiki, shugaban kwamiti yana wani gari, Google Sheets ya fi, don kowa takarda ɗaya yake gani.

Ga tsarin: `A` sunan mataki, `B` nauyinsa, `C` ranar da aka tsara gamawa, `D` ranar da aka gama, `E` abin da aka yi, daga 0 zuwa 1. Nauyin nan shi ne gishirin aikin, kuma daga kuɗin kowane mataki ake fitar da shi. A ce harsashi 20, bulo zuwa linta 30, rufi 25, filasta da daɓe 15, fenti 10. A jera matakan daga jere na 2 zuwa na 6. Lissafin farko a ƙasa yana ba da kashin da aka gama, na biyu kuma kwanakin jinkiri; shi sai a kwafa shi a jeren kowane mataki.

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,E2:E6)/SUM(B2:B6)*100
=IF(D2="",MAX(0,TODAY()-C2),D2-C2)
```

An gama harsashi, bulo ya kai rabi: 20 da 15, kashi 35 ke nan cikin ɗari. Mai ƙirga matakan da aka kammala kawai zai ce 20. In jadawali ya ce a kai linta ranar 10 ga Maris, yau kuma 24 ga wata ba a kai ba, lissafi na biyu zai nuna jinkirin kwana 14 a jeren bulo, alhali ya kamata a ce aiki yana kan kashi 50.

Inda ake yawan ɓata lissafi shi ne `C`. Ɗan kwangila zai nemi a ɗaga rana, a goge tsohuwar a sa sabuwa, sai jinkiri ya koma sifiri bayan ginin bai motsa ba. Don haka ka tabbata abin da ka zaɓa yana bari a kulle wannan gurbin; Excel da Google Sheets duk suna yi. Sabuwar ranar a ba ta gurbinta daban. Haka kuma kada a cika `E` da faɗar magini ta waya: a je a ƙirga layukan bulon da aka ɗora, a raba da jimillar waɗanda ake buƙata.