Sifired ɗin ya rage mini dala 200, amma ranar da hannun jarin ya yi tsalle na ji a jikina

Na daɗe ina sayen kol zalla a kasuwar hannun jarin Amurka, wato kwantiragin da ke ba ka damar sayen hannun jari a wani ƙayyadadden farashi kafin wa'adinsa ya ƙare, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsada. Ka yi hasashe daidai, hannun jarin ya hau, amma ka tashi a tutar babu saboda kuɗin da ka biya tun farko ya cinye hawan. Shi ya sa wannan karon na gwada abin da manhajar dillalina ke rubutawa da Call Debit Spread, wato sifired, inda kake sayen kol ɗaya ka sayar da wani mai farashin yarjejeniya mafi girma, kuma ga yadda muka ƙare.

Hannun jarin wani kamfani ne da ke kan dala 100, saura wata guda kwantiragin ya ƙare, kuma a tsakanin nan za su fitar da rahoton ribarsu. Kol mai farashin yarjejeniya 100 yana kan dala 5. Tunda kowane kwantiragi hannun jari 100 yake ɗauka, dala 500 ke nan zan zube, kuma uwar kuɗina ba za ta dawo ba sai farashi ya kai 105 a ranar ƙarshe. Ni kuwa a raina ban ga abin da zai kai shi sama da 110 ba. Sai na sayi wannan kol ɗin na 100, a oda ɗaya kuma na sayar da kol na 110 mai rana ɗaya da shi a kan dala 2. Dala 500 ta fita, 200 ta shigo, abin da ya bar aljihuna 300 ne. Wurin dawowar uwar kuɗi ya sauko daga 105 zuwa 103.

Wannan ratar ta dala biyu ba ƙarama ba ce, kar a raina ta. Da a ce farashi ya tsaya a 104 ranar ƙarshe, mai kol zalla ya yi asarar dala 100, ni kuwa na ci 100. Da ya rufe ƙasa da 100, shi 500 ɗinsa ta tafi, ni 300. Abin da na sayar domin samun wannan sauƙin shi ne duk wani hawa da ya wuce 110. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu dala 10 ce, ka cire 3 da na biya, iyakar ribata 700 ko da hannun jarin zai kai sama ta bakwai. Mai kol zalla ba zai kamo ni ba sai farashi ya kai 112, domin a nan ne ribarsa ke cika 700. Da na ga wannan lissafin a takarda, wallahi na ji daɗi, har na ce me ya hana ni tun da.

Sai rahoton ya fito, saura kusan mako biyu. Washegari kasuwa na buɗewa hannun jarin ya kama 116. Na buɗe manhaja ina sa ran ganin dala 1,000 cif, tunda farashi ya wuce 110 da nisa. Abin da na tarar 880 ne. Kol ɗina na 100 ya kai 16.40, amma wanda na sayar yana kan 7.60 alhali ainihin ƙimarsa 6 ce kawai, wato ratar 116 da 110. Ragowar 1.60 ɗin kuɗin lokaci ne, domin yana kusa da farashin kasuwa kuma akwai sauran kwanaki, nawa kuwa ya yi nisa a ciki, kuɗin lokacinsa bai wuce 0.40 ba. Babu wanda ya taɓa nuna mini wannan a zanen riba da asara da manhajar ke fitarwa kafin ka danna oda. Zanen nan na ranar ƙarshe ne kaɗai. Kafin ranar, sifired ba ya biyan cikakken kuɗinsa, sai ka zauna ka jira kuɗin lokacin ɗaya ƙafar, wato kol ɗin da ka sayar, ya narke.

Ko 880 ɗin ma a ido ne. Da na nemi rufewa nan take, 840 aka taya, saboda ƙafa biyu ce kuma kowace tana da nata giɓin tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ribar 540 ke nan. Wanda ya sayi kol zalla a safiyar nan yana zaune kan ribar kusan 1,140. Na ajiye wayar raina a ɓace. Na rage dala 200 wajen shiga, ga shi na bar 600 a kan tebur, kuma hasashena na hawa ya fi daidai. Da a ranar na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi kowa ya kiyayi sifired.

Na bar shi domin in karɓi sauran, kuma a kwanakin da suka biyo baya ra'ayina ya fara juyawa. Hannun jarin ya riƙa zamewa sannu a hankali, 114, 112, har ya sauko ƙasa da 110. Kol zalla yana zubar da kusan dala 100 a duk dala ɗaya da farashi ya sauka. Nawa kuwa da kyar yake motsi, domin abin da ƙafar da na saya ke rasawa, wadda na sayar tana mayar mini da mafi yawansa. A nan na gane amfaninsa na gaskiya: yana sa mutum ya yi barci.

Ranar Juma'ar ƙarshe farashi na yawo a 109.50. Kasuwar New York tana rufewa ƙarfe huɗu na yammarsu, wato tara na dare a nan Najeriya a lokacin bazararsu. Kusan awa ɗaya kafin nan sai ga saƙo daga dillalina wai an rufe mini sifired a kan 9.05. Ban ba da oda ba. Dalilinsu shi ne farashi yana tsakanin 100 da 110. Kol ɗin da ya ƙare da riba ko ta santi ɗaya ce akan zartar da shi kai tsaye, ke nan da na wayi gari da hannun jari 100 a kan dala 10,000 da babu ita a asusuna, wanda na sayar kuma ya mutu bai kare ni ba. Na fahimci tsoronsu, amma sun sayar a duk farashin da kasuwa ta taya: 9.40 suka karɓa a ƙafa ɗaya, suka biya 0.35 a ɗayar da ke dab da zama banza. Dala 45 ta tafi haka kawai, ga kuɗin hidima na ƙafa biyu shiga da fita. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan 600 ɗin farko, domin waccan ni na amince da ita tun ranar da na sayar da 110.

A ƙarshe dai ribar 605 na fita da ita a kan jarin 300. Mai kol zalla da ya riƙe har ranar zai samu kusan 450 a kan 500. Wanda ya sayar a safiyar 116 kuwa ya kusa ninka ni, kuma har yanzu in na tuna sai na ja tsaki.

Zan sake yi, amma a kan hannun jarin da nake ganin zai hau a hankali zuwa wani farashi da zan iya faɗa. Gaban rahoton riba, inda tsalle ɗaya zai iya wuce 112, gara in biya 500 ɗin ko in haƙura. Kuma da ya kai 8.50 zan sa odar rufewa da farashina, ba zan ƙara barin sa ya kai yammacin Juma'a dillali ya zaɓa mini ba.