Tsabar Ƙamshi ko Dala Turare?

"Salam 'yan uwa, ina haɗa turaren wuta da humra a nan Kano, yanzu ina so in yi rijista in buga sitika. Sunaye biyu ne a raina, Tsabar Ƙamshi da Dala Turare. Kwastomomina akwai Hausawa, akwai matan Sabon Gari, akwai masu sara daga Maraɗi. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. In dai don daɗin kunne ne wallahi Tsabar Ƙamshi ya fi, Bahaushiya na ji ta san me kike sayarwa har ta fara jin ƙamshin a hancinta. Matsalar tana wajen rubutawa ne.

Ki duba sunan da kyau. Akwai ts a farko, wanda ba Bahaushe ba da wuya ya fito da ita, mamar da ke Sabon Gari Sabar za ta ce kuma haka za ta rubuta. Sai ƙ mai lanƙwasa, wadda yawancin mutane ba su da ita a wayarsu, Instagram ma bai yarda da ita a sunan shafi ba, haruffan Turanci da lamba da ɗigo da _ kawai yake karɓa, dole ki koma tsabarkamshi. To mu kanmu Hausawan ba mu daidaita ba, wani ya rubuta kamshi wani kanshi, wata ta sa tsabar wata tsaban. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuwa da suka yi boko da Faransanci inda muke sa sh su ch suke sawa, sai ki ga kamchi. Suna ɗaya kenan ya tashi da rubutu biyar ko shida, mai nemanki ta buga ɗaya ba ta ganki ba, ta faɗa shafin wata mai turaren ta saya a can, ke ba ki ma san an yi ba.

Ni ƙ ɗin nan ta taɓa ja min asara. Na kai aikin sitika guda 500 wajen wani mai buga takardu, salon rubutun da ya zaɓa babu haruffanmu a ciki, da na je karɓa sai na tarar da ɗan akwati fanko a inda ƙ take, a kan kowacce. Ya ce ai haka kwamfuta ta fitar. Haka na biya rabin kuɗi aka sake.

Dala kuwa gaɓa biyu ce, da-la, babu harafin da zai sarƙe harshen Bayarabe ko Inyamuri ko Balarabe, kuma duk wanda ya ji zai rubuta daidai a karon farko. Duk ɗan Kano ya san Dutsen Dala, mutanen Nijar ma kalmar na bakinsu kullum tunda da dala suke lissafin kuɗi, sefa 5 ita ce dala ɗaya. Turare ne kawai za su iya mayarwa touraré, amma ko sun yi hakan rabin sunan na nan daram.

Inda Dala ya gaza shi ne yawa. Ƙaramar hukuma guda ce, ga shaguna da kamfanoni barkatai masu sunan, shi kaɗai ba zai zama naki ba sai da Turare a manne da shi ko'ina, kar ki yarda a gajarta. Kuma kafin ki ba mai sitika ko sisi ki fara binciken sunan a shafin CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, domin in ya yi kama da na wani da ya riga ki za su ƙi shi. In sun amince suna riƙe miki shi kwana 60, a ciki za ki kammala rijistar. Ki duba Instagram a ranar ki kama sunan tun kafin wata ta riga ki. Asusun banki ma ki buɗe da wannan sunan, saboda mai turo kuɗi in ta ga sunan da ya fito ya bambanta da na jikin kwalba sai ta tsaya tana kiranki wai ko ta yi kuskuren lamba.

In kina so ki gani da idonki, ki yi sakon murya a WhatsApp ki faɗi sunayen biyu sau ɗaya tak, ki tura wa mutum uku, Bahaushiya ɗaya, ɗaya daga Sabon Gari, ɗaya daga Maraɗi, ki ce su rubuto miki abin da suka ji. Bayan kwana uku ki sake tambayarsu ba tare da kin tuna musu ba.

Ni dai Dala Turare zan sa da manyan baƙi a saman sitika, a ƙasa da ƙananan rubutu in sa "tsabar ƙamshi" a matsayin kirari, can ko an rubuta shi kanshi ko kamchi babu cinikin da zai ɓace. Sai dai ki sa mai bugawar ya fitar miki da guda ɗaya ki duba ƙ ɗin tukuna.