Sharhi: kwas ɗin lissafin man jirgi da na yi daga Katsina

Sati uku na yi ina bin wani kwas ta intanet na masu tsara tafiyar jiragen fasinja, ina zaune a ɗakina a Ƙofar Ƙaura. Ɓangaren lissafin mai ne ya fi zauna mini a kai, kuma shi kaɗai ya biya kuɗin da na kashe.

Malamin tsohon ma'aikacin kamfanin jiragen sama ne. Bai cika mu da hadda ba. Aiki ɗaya ya ba mu muka yi ta juya shi: jirgi ƙirar Boeing 737 zai tashi daga Legas zuwa filin Umaru Musa 'Yar'adua a watan Janairu. Alƙaluman na gwaji ne, amma tsarin shi ne na ƙa'idar duniya.

Da farko mai kilo 200 na tuƙa jirgi a ƙasa kafin tashi, sai kilo 3,200 na tafiyar kanta. A kai ake ɗora man ko-ta-kwana, saboda iska ta gaba ko canjin hanya da ba a zata ba. Shi kashi 5 cikin ɗari ne na man tafiya, wato kilo 160. Nan na fara faɗuwa. Ashe akwai sharaɗin kada ya gaza man shawagin minti biyar a ƙafa 1,500 saman filin da za a sauka, wanda a jirginmu ya kai kilo 190. Wanda ya fi yawa ake ɗauka. Sai man ajiya na ƙarshe, shawagin minti 30, kilo 1,150. Wannan ba na kashewa ba ne. Matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da shi, dole ya shelanta cewa yana cikin halin gaggawa.

Inda aikin ya yi daɗi shi ne zaɓen filin da za a karkata idan Katsina ta ƙi saukuwa. Ban yi wata-wata ba na rubuta Kano. Ga ta nan kusa, kilo 900 ya isa a fasa sauka, a sake hawa sama, a je Malam Aminu Kano. Jimilla 5,640. Malam ya dawo mini da takardar da tambaya ɗaya: "Ɗana, hazon da ya rufe Katsina, a Tsanyawa yake tsayawa?" Duk wanda ya yi hunturu a nan ya san amsar. Ƙurar da ke tasowa daga wajen Chadi takan lulluɓe Katsina da Daura da Kano a rana ɗaya. Ya sa na buɗe hasashen yanayin filayen biyu, na ga alamar `DU` ta ƙura a kowanne, nisan gani kuma bai kai abin da ƙa'ida ta nema ba a lokacin da za mu isa. Filin madadi ba kusanci ake dubawa ba kawai, sai an tabbatar zai saukar da kai a sa'ar da za ka buƙace shi.

Na koma na sa Abuja, kilo 1,900. Jimilla ta zama 6,640. Na ɗauka na gama, sai ya ce in lissafa abin da zai rage a tanki idan muka iso saman Katsina. Kilo 3,240 ne. Amma da ya sauko zuwa 3,050, wato man Abuja da na ajiya, dole a juya. Ke nan minti biyar kacal matuƙi yake da shi na jiran hazo ya lafa, shi ma idan iska ba ta cinye shi a hanya ba. Muka ƙara kilo 800, shawagin kusan minti 20, aka tashi da 7,440. Na tambaye shi me zai hana a cika tanki kawai. Ya ce nauyin man ma mai yake ci, kuma kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai sauka da shi, don haka wani lokacin ƙarin mai na nufin rage kaya.

Abu biyu ban ji daɗinsu ba. Bidiyon da aka naɗa tun farko duk misalan Turai ne, dusar ƙanƙara da raɓa mai duhu. Ba don zaman kai-tsaye da Malam ba, da ba a ambaci hazo ba ko sau ɗaya. Sannan wasu takardun da awon nauyi na fam aka rubuta, wasu da kilo, ba gargaɗi. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, domin irin wannan ruɗani ne ya sa mai ya ƙare wa wani jirgin Kanada a sama a 1983. Mai tankar man kuma da lita yake aunawa: idan lita ɗaya ta kai kilo 0.8, kilo 7,440 ɗinmu lita 9,300 ne.

Wanda zai shiga ya tanadi data mai yawa, kuma kada ya bari zaman kai-tsaye ya wuce shi. Satifiket ɗin da suke bayarwa ba lasisin aiki ba ne, wannan sai ta hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa.